Na haɗa tamfon fosfat don pH 7.2, na'ura ta nuna 6.86

*Malam, barka da aiki. Ina koyon aikin laboratuwar ne a nan Damagaram. An sa ni in haɗa ruwan tamfon na fosfat mai pH 7.2 don rina jinin gwajin masassarar cizon sauro da Giemsa. Littafinmu ya ce pKa ɗin 7.20 ne, sai na ce to, mol daidai wa daida ke nan. Na auna giram 3.40 na KH₂PO₄ da giram 3.55 na Na₂HPO₄, na cika lita guda da tataccen ruwa. Na'ura ta tsaya a 6.86. Na sake haɗa wani, haka ta nuna. Lissafina ne ya karkace, ko na'urar ce ta lalace? Kuma yaya ake tsara abin tun daga tushe?*

Barka kadai, ƙanena. Kada ka taɓa na'urar nan, lafiyarta ƙalau, kuma hannunka a sikeli ma ƙalau yake. Abin da ka haɗa sanannen ruwa ne: mol 0.025 na KH₂PO₄ da mol 0.025 na Na₂HPO₄ a lita guda shi ne ɗaya daga cikin ruwayen da ake saita na'urar pH da su a duniya baki ɗaya, kuma pH ɗinsa a zafin digiri 25 shi ne 6.86. Da na'urarka ta nuna maka 7.20, da a lokacin ne zan ce a kai ta gyara. Inda gizo ke saƙar shi ne lambar nan 7.20 da ka ɗauko daga littafi. Gaskiya ce, amma ba ta ruwan da ke cikin kwalbarka ba ce.

Bari mu fara da abin da ke cikin kwalbar, wato tamfon, ruwan da ke riƙe pH kada ya motsa da sauƙi. Gishiri biyun da ka narkar sun ba ka abu biyu masu aiki. H₂PO₄⁻ shi ne asid, domin yana da H⁺ da zai iya saki. HPO₄²⁻ shi ne baz ɗinsa, wato abin da ya rage bayan ya saki wannan H⁺, kuma a shirye yake ya karɓe shi in ya samu. K⁺ da Na⁺ ƴan rakiya ne, ko da yake za ka ga nan gaba rakiyar tasu ba ta banza ba ce. Idan wani asid ya faɗo cikin ruwan daga waje, HPO₄²⁻ ya kama H⁺ ɗin ya koma H₂PO₄⁻. Idan baz ne ya faɗo, H₂PO₄⁻ ya ba da nasa H⁺ ya kashe shi. Kamar mai canji ne a bakin Kasuwar Dole: muddin yana da sefa a aljihu ɗaya da naira a ɗayan, duk wanda ya zo zai sallame shi, amma ranar da aljihu ɗaya ya ƙare, ciniki ta wannan ɓangaren ya tsaya.

Dangantakar pH da yawan waɗannan biyun ita ce ƙa'idar da ake kira da sunan Henderson da Hasselbalch. Lawrence Henderson ne ya rubuta ta a 1908 yana nazarin jini, Karl Hasselbalch kuma ya mayar da ita cikin logaritim bayan ƴan shekaru:

```
pH = pKa + log([baz] / [asid])
[baz] / [asid] = 10^(pH - pKa)
```

pKa lamba ce da kowane asid yake da tasa, ita ce pH ɗin da ake samu in asid da baz ɗinsa suka yi daidai wa daida. Layi na biyu shi ne wanda mai tsara tamfon yake aiki da shi. Ka san pH da kake so, ka san pKa, sai ka cire wannan daga wancan, ka danna `10^x` a kalkuleta, ka samu ninki nawa baz zai yi wa asid. Daga wannan layin ne kuma dokar zaɓen asid ta fito. Idan pH ya fi pKa da 1, baz ya ninka asid sau 10. Idan ya fi shi da 2, sau 100, ka ga asid ɗin ya zama ɗan kaɗan da ɗigon baz guda zai cinye. Shi ya sa ake zaɓar asid wanda pKa ɗinsa bai yi nisa da pH da ake nema da fiye da 1 ba, in ma da hali kada ya wuce rabi. Asetat yana da 4.76, don haka wurinsa tsakanin 3.8 da 5.8. Tiris yana da 8.06. Asid na fosfat yana da pKa uku, 2.15 da 7.20 da wajen 12.3, kuma na tsakiyar ne naka. Zaɓinka dai ya yi daidai, babu abin cewa a kai.

Yanzu ga inda 7.20 ta yaudare ka. Lambar da littattafai ke bugawa ta ruwa ce mai tsananin tsinkewa, wanda gishirin da ke ciki ya yi ƙaranci har kowane iyon, wato ɗan ɓangaren gishiri mai ɗauke da caji, yana yawo shi kaɗai ba ya jin na kusa da shi. A kwalbarka ba haka abin yake ba. Kowane HPO₄²⁻, da cajinsa biyu, K⁺ da Na⁺ sun kewaye shi, sun rage masa kaifi. Yana nan a ƙidaya, amma kwaɗayinsa na kama H⁺ ya ragu. Shi ma H₂PO₄⁻ an kewaye shi, sai dai cajinsa ɗaya ne, kuma wannan tasirin yana tafiya ne da cajin a ninka shi da kansa, wato na mai caji biyu ya ninka na mai caji ɗaya sau huɗu. Sakamakon shi ne baz ɗin ya yi sanyi fiye da asid ɗin, H⁺ ya fi samun sakewa, ruwan ya fi tsami fiye da yadda lissafin takarda ya ce. Maimakon a sake ƙa'idar, sai a bar ta yadda take a sauya lambar: a yi amfani da pKa na aiki, wanda ake rubutawa `pKa'`.

Wannan pKa' ɗin ya dogara da yawan cajin da ke yawo cikin ruwan, abin da ake kira ƙarfin iyon. A tamfon irin naka lissafinsa ba wuya:

```
I = [KH2PO4] + 3 x [Na2HPO4]
```

Naka ya zama 0.025 a tara da 0.075, wato 0.1. A wannan ƙarfin pKa' na fosfat 6.86 ne, kuma tunda ka sa baz da asid daidai wa daida, log na 1 sifiri ne, pH ya faɗa kan pKa' cif. Ka auna pKa' na ruwanka da hannunka ba tare da ka sani ba. Idan ƙarfin iyon ya sauko wajen 0.025, pKa' yana kusa da 7.0. Idan ya hau 0.2, yana wajen 6.8. Waɗannan ukun ka rubuta su a bangon littafinka, sun ishe ka yawancin aikin fosfat. A asetat ma akwai wannan zamewar, amma kashi ɗaya cikin uku ce ta fosfat, daga 4.76 zuwa wajen 4.65 a ƙarfin 0.1, shi ya sa ɗalibai suke yin atisaye da asetat shekara da shekaru lissafi na fita kusan daidai, sai ranar da suka taɓa fosfat su ce na'ura ta haukace.

To mu tsara shi daga farko, da irin kaurin da ka fara da shi, wato jimillar fosfat mol 0.05 a lita guda, pH 7.2. Bambancin pH da pKa' shi ne 7.20 a cire 6.86, ya rage 0.34.

```
r = 10^0.34 = 2.19
baz  = 0.05 x 2.19 / 3.19 = 0.0343 mol
asid = 0.05 x 1 / 3.19    = 0.0157 mol
```

A nan mutane da yawa suke tuntuɓe, don haka dubi 3.19 ɗin nan da kyau. Rabon 2.19 da 1 yana nufin an raba jimillar gida 3.19, baz ya ɗauki 2.19, asid ya ɗauki 1. Wasu sukan ninka jimillar da 2.19 kai tsaye, su samu baz da ya fi jimillar kanta yawa. Hanyar kama kanka ita ce ka tara amsoshin biyu: 0.0343 da 0.0157 dole su ba ka 0.05. Sannan ka tambayi kanka ko alƙiblar ta yi daidai. pH da kake so yana sama da pKa', don haka baz ne zai fi yawa. In ka ga asid ya fi yawa, ka juya rabon ne.

Daga mol zuwa giram sai nauyin mol na kowane gishiri. KH₂PO₄ yana da giram 136.09 a mol, Na₂HPO₄ busasshe wanda babu ruwa a jikinsa yana da 141.96. Ka ninka, ka samu giram 2.14 na farko da giram 4.87 na biyun. Kwatanta da abin da ka auna a baya, 3.40 da 3.55, za ka ga gyaran ba ƙarami ba ne: asid ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Akwai wani ɗan wutsiya a lissafin. Da ka ƙara Na₂HPO₄, ka ƙara ƙarfin iyon, ya tashi daga 0.1 zuwa wajen 0.12, pKa' ya ɗan ƙara sauka. Saboda haka kada ka yi mamaki in na'ura ta nuna 7.18 maimakon 7.20. Kana iya sake zagaya lissafin da sabuwar lambar, amma ni ban ga amfanin hakan ba, domin kuskuren na'urar kanta a aikin yau da kullum ya kai wannan. Lissafi aikinsa ya kai ka bakin ƙofa, sauran taku biyun na'ura ce za ta ƙarasa da kai. In kana son ka tabbatar da 6.86 ɗin ta wata hanya, akwai wani ruwan saiti na fosfat da ake haɗawa da baz ninki 3.5 na asid a ƙarfin iyon 0.1, pH ɗinsa 7.41. Log na 3.5 shi ne 0.54, ka tara da 6.86, ka ga inda ka sauka.

Yanzu abin da ya fi shafar aikinka. Wanda ya sa ka aikin nan ruwan rini yake so, kuma ruwan Giemsa ba ya buƙatar kaurin 0.05. Kauri shi ne yanke shawara na biyu a tsara tamfon, kuma daban yake da rabo. Rabo ne ke ba da pH, kauri ne ke ba da juriya. Ɗauki litar da muka tsara, ka zuba mata mililita 1 na HCl mai mol 1 a lita, wato milimol 1 na H⁺. Baz ya sauko daga milimol 34.3 zuwa 33.3, asid ya hau daga 15.7 zuwa 16.7, rabo ya koma 1.99, pH ya koma 7.16. Ya motsa da 0.04 kacal. Wannan mililita ɗin in ka zuba shi a litar tataccen ruwa, pH zai faɗo zuwa 3. Da tamfon ya tsinke sau huɗu, motsin zai ninka wajen sau huɗu, domin abin da zai sha dukan ya ragu. Tambayar da za ka yi ita ce: asid ko baz nawa ne zai shigo cikin ruwan a lokacin aiki? A rinin jini kaɗan ne ƙwarai: ɗan abin da ke cikin rinin, da iskar da ke narkewa a ruwa, da abin da ya saura a jikin gilashi. Shi ya sa girkin da ke cikin littattafan Hukumar Lafiya ta Duniya na gwajin masassara yake da sauƙi: giram 0.7 na KH₂PO₄ da giram 1.0 na Na₂HPO₄ busasshe a lita guda.

Mu duba ko ƙa'idarmu za ta haifi wannan girkin. Giram 0.7 milimol 5.1 ne, giram 1.0 milimol 7.0 ne, jimilla wajen milimol 12 a lita. Ƙarfin iyon 0.026, don haka pKa' wajen 7.0. Bambanci 0.2, `10^0.2` ya ba da 1.58. Raba milimol 12 gida 2.58: baz ya samu 7.35, asid 4.65, wato giram 1.04 da giram 0.63. Ka ga mun sauka dab da girkin hukumar, kuma ɗan bambancin da ya rage shi ne dalilin da ya sa littafin bai tsaya ga awo kawai ba, ya ce a duba pH a gyara da ruwan Na₂HPO₄ mai kashi 2 cikin 100 in ya yi ƙasa, ko na KH₂PO₄ mai kashi 2 cikin 100 in ya yi sama. Ka lura da abin da ya faru: pH ɗaya, gishiri iri ɗaya, amma a kaurin 0.05 rabon 2.19 ne, a kaurin 0.012 kuma 1.58.

Wannan yana da wani sakamako da zai iya cizonka wata rana. Ana koyar da cewa tsinka tamfon da ruwa ba ya canza pH, tunda rabon bai canza ba. A fosfat wannan magana rabin gaskiya ce. In ka ɗauki tamfon 0.05 da ka saita a 7.2 ka tsinka shi sau huɗu don rini, rabon yana nan a 2.19, amma pKa' ya koma wajen 7.0, pH ya tashi sama da 7.3. Ko ruwan 6.86 ɗinka in ka ninka shi da ruwa sau biyu kawai, zai hau da wajen 0.08. Saboda haka in za ka ajiye mai kauri ka riƙa tsinkawa, wanda shawara ce mai kyau domin ya fi daɗewa bai lalace ba, to pH na tsinkakken shi ne za ka saita, ba na uwar kwalbar ba.

Game da litar da ke hannunka, kada ka zubar. In an yi ta da tataccen ruwa mai kyau, ka raba biyu. Rabi ka rufe shi sosai ka riƙa duba lafiyar na'ura da shi na ɗan lokaci. In kuma kana son ka mayar da lita guda cikakkiya zuwa 7.2 a kaurinta, kana da milimol 25 da 25, kana neman 34.3 da 15.7, wato ka juya milimol 9.3 na asid ya koma baz. Mililita 9.3 na NaOH mai mol 1 a lita zai yi wannan. Wannan ita ce hanya ta biyu ta haɗa tamfon, kuma tana da amfani ranar da gishiri ɗaya ya ƙare a ma'aji: ka narkar da giram 6.80 na KH₂PO₄ shi kaɗai, ka ƙara wajen mililita 34 na NaOH ɗin, ka cika lita. Sai dai ƙwayoyin NaOH suna shan ruwa da iskar kabon daga sarari tun suna kan sikeli, don haka mol 1 ɗinsa ba ya cika zama mol 1. Ka zuba kashi tara cikin goma, sauran ka bi da ɗigo kana kallon na'ura. Ka sa tabarau da safar hannu, domin ba ya wasa da ido.

Sai kwalbar gishirin kanta, wadda a ganina ta fi komai jawo ɓarna a ɗakunan gwajinmu. Na₂HPO₄ yana zuwa iri-iri. Akwai busasshe mai 141.96, akwai mai ruwa biyu a jikinsa mai 177.99, mai ruwa bakwai 268.07, mai ruwa goma sha biyu 358.14. Sunan da ke manyan baƙaƙe ɗaya ne, bambancin yana can ƙasa a ƙananan rubutu: `Na2HPO4·2H2O` ko `Na2HPO4·12H2O`. Mol 0.0343 ɗinmu giram 4.87 ne a busasshe, 6.11 a mai ruwa biyu, 12.28 a mai goma sha biyu. Wanda ya auna 4.87 daga kwalbar mai goma sha biyu ya sa ƙasa da rabin baz ɗin da ake so, zai ga pH wajen 6.9 ya rasa dalili. Kai wannan bai same ka ba, 6.86 ɗinka shaida ce cewa busasshe ka auna. Amma yanayin garinmu yana taɓa kowannensu. Mai ruwa goma sha biyu yana narkewa cikin ruwan jikinsa a wajen digiri 35, zafin da ɗakin ajiya a Damagaram yake wucewa cikin sauƙi a watan Afrilu da Mayu, sai ka buɗe kwalba ka tarar ta cure ko ta yi ruwa-ruwa. Lokacin ɗari kuma, da iska ta bushe, in murfin bai rufu ba yana zubar da ruwansa ya yi fari kamar gari, nauyin mol ɗinsa ya daina zama abin da aka rubuta. Busasshen shi kuma da damina yake shan laima. In za ka zaɓa, ɗauki busasshe ko mai ruwa biyu, kuma in aikin na buƙatar daidaito sosai, a gasa busasshen a digiri 110 na awa biyu, a bar shi ya huce a rufe kafin a auna.

Zafi kuwa bai cika damun fosfat ba, wannan sa'arka ce. Ruwan 6.86 a digiri 25 yana komawa 6.84 ne kawai a digiri 35 zuwa 40. Tiris ne mai rigima: pH ɗinsa yana sauka da wajen 0.03 a kowane digiri da zafi ya ƙaru, don haka wanda aka saita a ɗaki mai na'urar sanyaya a digiri 25, in wuta ta ɗauke ɗakin ya kai 40, ya zame da wajen 0.4. In ka taɓa aiki da shi, ka saita shi a zafin da za a yi amfani da shi. Kada kuma maɓallin gyaran zafi na na'urar pH ya ruɗe ka. Abin da yake gyarawa shi ne amsar elektirod, wadda a digiri 25 take ba da wajen milivolt 59 ga kowane pH guda kuma take ƙaruwa da zafi. Ba ya mayar da ruwanka yadda zai kasance a 25. Abin da ya nuna maka shi ne pH na gaskiya a zafin da ruwan yake a lokacin.

A wajen haɗawa, narkar da gishirin biyu cikin wajen mililita 800 zuwa 900 na tataccen ruwa, ba cikin cikakkiyar lita ba, don ka bar wa gyara wuri. Na₂HPO₄ busasshe yana son curewa in ka juye shi gaba ɗaya, ka riƙa barbaɗawa kana juyawa. Saita na'ura da ruwan saiti biyu a ranar, na 7 da na 4 ko na 7 da na 10, ka tabbata zafinsu ɗaya da na ruwanka. Na 10 ɗin shi ne mai saurin lalacewa bayan an buɗe, domin yana shan iskar kabon ya sauko. Ka auna, ka gyara da ɗigo, ka juye a kwalbar awo mai zobe a wuya, ka cika zuwa zoben, ka sake aunawa, domin cikawar kanta tsinkawa ce. In ka zarce wajen gyara, kada ka shiga kai-komo tsakanin HCl da NaOH. Kowane zagaye yana haifar da gishirin NaCl a ciki, ƙarfin iyon na hawa. Ka dawo da ɗayan gishirin fosfat ɗin, ko in zarcewar ta yi yawa ka sake sabo, kayan ba su kai tsadar sakamakon gwaji mara kyau ba.

Ruwan famfo ko na rijiya kada ya shiga wannan aikin, ko da an sha wahalar samun tatacce. Kalsiyom da ke cikinsa yana haɗuwa da fosfat ya yi farin gurɓi, ya janye baz ɗin daga ruwan, bikarbonat ɗinsa kuma wani tamfon ne da ba ka sa a lissafi ba. A tamfon mai milimol 12 kacal wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma in ka auna tataccen ruwanka ka ga 5.5 ko 6, kada hankalinka ya tashi. Iskar kabon ce ta ɗan narke a ciki, kuma yawanta bai kai ya motsa tamfon ba. Na'ura ma ba ta iya tsayawa sosai a ruwan da babu gishiri, lambar sai ta yi ta yawo.

Gilashin jinin da ka rina shi ma ma'auni ne, in ka iya karanta shi. Giemsa haɗin rini biyu ne, mai ja wanda ya fi kamawa in ruwa ya yi tsami, da mai shuɗi wanda ya fi kamawa in pH ya hau. A 7.2, ƙwayar masassarar tana fitowa da jiki shuɗi da ɗigon tsakiya ja mai duhu, jajayen ƙwayoyin jini kuma su yi ruwan toka mai ɗan ja. In ka rina da ruwan 6.86 ɗinka, za ka ga fili ya yi ja-ja, jikin ƙwayar cutar ya yi fari-fari, ɗige-ɗigen da ke jikin jar ƙwayar jini waɗanda ake bambanta nau'in cutar da su kuma ba za su fito sosai ba. Wannan pH ɗin na wajen 6.8 shi ake so a rinin duba fararen ƙwayoyin jini, ba na masassara ba. In kuma pH ya haura da yawa, komai ya yi shuɗi mai duhu, jan ɗigon ya ɓace a ciki. Duk lokacin da ka haɗa sabon tamfon, ka rina gilashi guda da aka riga aka san yana da ƙwayar cutar kafin ka taɓa na marasa lafiya.

Fosfat abinci ne ga ƙananan halittu, kuma a zafinmu ruwan da ya tsinke ba ya jimawa sai ka ga ya yi hazo ko wasu zare-zare na yawo a ƙasan kwalba. Wanda ya yi haka a zubar, kada a tace a ci gaba. Ka haɗa daidai wanda za ku shanye da wuri, ka ajiye a kwalba mai murfi a wuri mai sanyi, ka rubuta a jikinta kwanan wata, giram ɗin da ka auna, irin Na₂HPO₄ da ka yi amfani da shi, pH da na'ura ta nuna da zafin da aka auna. In ka sa mai kauri a firiji ka tarar ƙasansa ya yi ƙanƙara-ƙanƙara, Na₂HPO₄ ne ya fita daga ruwan saboda sanyi, kuma abin da ya rage a sama ya fi tsami. Ka bar shi ya ɗumama har ya narke duka, ka girgiza, sannan ka ɗiba.